Gwajin amsar doguwar rabawa: ninka amsa, ƙara ragowa

Idan malamin lissafi ya ce wa ɗalibi ya gwada amsarsa bayan ya gama doguwar rabawa, abu guda yake nufi: a ɗauki amsar da aka samu, a ninka ta da lambar da aka yi rabon da ita, a ɗora ragowa a kai. Idan abin da ya fito shi ne ainihin adadin da aka fara rabawa, aiki ya yi kyau. Idan ya saɓa, ko da ɗaya tak, to akwai kuskure a wani wuri. A taƙaice ana rubuta shi haka:

amsa × mai rabawa + ragowa = adadin da aka raba

Bari mu raba 4,387 gida 14. Sha huɗu ba ta shiga cikin 4, don haka sai mu ɗauki 43. Tana shiga sau 3, wato 42, saura 1. Mu sauko da 8, ya zama 18. Tana shiga sau 1, saura 4. Mu sauko da 7, ya zama 47. Tana shiga sau 3, wato 42 kuma, saura 5. Babu sauran lambar da za a sauko da ita, saboda haka amsa ita ce 313, ragowa 5.

Yanzu sai gwaji. 313 sau 10 ya ba da 3,130, 313 sau 4 kuma ya ba da 1,252. In an haɗa su, 4,382 ke nan. A ƙara ragowar nan 5, sai ga 4,387, daidai da inda muka taso.

Dalilin da ya sa wannan ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Duk tsawon doguwar rabawa, ɗebewa kawai ake yi kashi-kashi. Ukun farko da muka rubuta tana gidan ɗaruruwa, wato 300 ce, don haka abin da muka cire a matakin farko 4,200 ne, ko da yake 42 muka gani a takarda. A mataki na biyu mun cire 140, a na uku 42. Tara su ukun, za ka sami 4,382, wato abin da ninkawar ta ba mu. Ninkawa tana maido da duk abin da aka cire ne a dunƙule, ragowa kuma ita ce ɗan abin da bai kai a sake cirewa ba. Idan aka haɗa abin da aka ɗiba da abin da ya rage, dole a koma kan adadin farko.

Kuskuren da wannan gwaji ya fi saurin kamawa shi ne tsallake sifili. A raba 4,267 gida 14. Cikin 42 tana shiga sau 3, babu saura. An sauko da 6, sha huɗu ba ta shiga, kuma a nan ne hannu kan yi gaggawar sauko da 7 ba tare da an rubuta 0 a sama ba. Sai a ga 67, a ce sau 4 saura 11, a rubuta 34 a matsayin amsa. Kowane mataki kamar daidai yake, shi ya sa ido ba ya ganin matsalar in an sake duba aikin. Amma 34 sau 14 ya ba da 476 ne, da 11 ya zama 487, ko kusa da dubu huɗu bai je ba. Amsar gaskiya 304 ce: 304 sau 14 ya ba da 4,256, a ƙara 11, 4,267.

Abin da na fi so game da gwajin shi ne, bayan ya nuna an yi kuskure, sau da yawa yakan nuna inda kuskuren yake. Mu koma kan 4,387. A ce a mataki na biyu mutum ya cire 14 daga 18 ya rubuta 3 maimakon 4. Zai sauko da 7 ya sami 37, ya ce sau 2 saura 9, ya ƙare da 312 ragowa 9. Gwaji zai ba shi 4,368 da 9, wato 4,377. Giɓin da ke tsakani 10 ne cif, kuma hakan na nuna an yi asarar ɗaya a gidan gomomi. Ba sai an goge komai an faro daga farko ba, a je kai tsaye a duba ɗebewar da aka yi a wannan gida. Da giɓin 100 ne, gidan ɗaruruwa za a fara dubawa. Idan kuwa giɓin ya zama 14, ko 28, ko 140, to mai yiwuwa ɗebewa lafiya take, lambar da aka rubuta a sama ce ta kauce.

Sai dai akwai inda gwajin shi kaɗai ba ya isa, kuma nan ne ya kamata a fi kula. A matakin ƙarshe na 4,387, a ce mutum ya ga 47 ya ce sha huɗu na shiga sau 2 kawai. Zai cire 28, saura 19, ya rubuta 312 ragowa 19. In ya gwada, 312 sau 14 ya ba da 4,368, a ƙara 19, sai ga 4,387 daidai. Lissafi ya tashi, amma amsa ba daidai ba ce, domin cikin 19 har yanzu akwai sha huɗu guda da ba a fitar ba. Saboda haka sharaɗi na biyu ya zama wajibi: ragowa ta kasance ƙasa da mai rabawa. In da 14 ake rabo, ragowa daga 0 zuwa 13 kaɗai za ta iya kasancewa. Amsa ɗaya ce tak ke cika sharuɗɗan nan biyu a tare, kuma a ganina duk wanda ya koya wa yaro ninkawar ya bar duba girman ragowa, rabin gwajin ya ba shi.

Haka nan gwaji ba zai fi hannun da ya yi shi inganci ba. Wanda ya riƙe a kansa cewa 14 sau 3 ya ba da 44, yana iya maimaita wannan kuskure a rabawa da ninkawa duka, su rufa wa juna asiri. Shi ya sa a sama na fasa 14 zuwa 10 da 4, don ninkawar ta bi wata hanya dabam da wadda rabawar ta bi. A kuma kwatanta sakamakon da tambayar asali, ba da abin da aka kwafa a takardar aiki ba, domin mai yiwuwa tun wurin kwafa 4,387 ta koma 4,378.

Masu tabbatar da amsa da kalkuleta kan rikice a wuri guda. Idan aka danna 4387 ÷ 14, allo zai nuna 313.357 da wasu lambobi a bayansu, ba za a ga 5 a matsayin ragowa ba. Abin da ke bayan ɗigo kashi 5 cikin 14 ne, don haka ragowa 5 ba ɗaya take da 313.5 ba, ninka 313.5 da 14, 4,389 za ka samu, ya zarce da biyu. Don fito da ragowa daga kalkuleta, a ɗauki 313 kaɗai, a ninka da 14, a cire 4,382 daga 4,387, sai 5 ta bayyana.