Ƙidayar kwanakin wa'adi a takardun doka da yarjejeniya

Wa'adi, a harshen doka da yarjejeniya, shi ne lokacin da aka ɗibar wa mutum ya aikata wani abu, kamar biyan kuɗi, ɗaukaka ƙara ko amsa takardar sanarwa. Kalamai irin su "cikin kwana 30" sukan yi kama da abin da ba ya buƙatar bayani, amma ba su cika ba sai an san ranar da ƙidaya ta fara, irin kwanakin da ake ƙirgawa, da kuma lokacin da ranar ƙarshe take rufewa. Mafi yawan saɓani a kan kwana ɗaya tak yake tasowa, kuma kwana ɗayan nan ya isa mutum ya rasa haƙƙinsa.

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce ba a lissafa ranar da abin ya faru, amma ana lissafa ranar ƙarshe. Haka Tarayyar Turai ta tsara a dokarta mai lamba 1182/71 ta shekarar 1971, haka ƙa'ida ta 6 ta shari'o'in farar hula a kotunan tarayyar Amurka ta ce, haka ma sashe na 15 na Dokar Fassara ta Nijeriya, wadda ta tsara yadda ake fahimtar kalmomin dokoki. Dalilin a fili yake. Wanda aka miƙa wa takarda da yamma bai samu wannan ranar cikakkiya ba, don haka ba adalci ba ne a ƙirga masa ita.

A ɗauka an miƙa wa mutum sanarwa ranar Litinin 3 ga Maris 2025, an ce ya amsa cikin kwana 30. Bisa wannan ƙa'ida, 4 ga Maris ce rana ta farko, 31 ga Maris ta 28, wa'adin kuma zai cika ranar Laraba 2 ga Afrilu. Da takardar ta ce a fara ƙirga daga ranar miƙawa, ita ma a ciki, da ya cika 1 ga Afrilu. Da "wata ɗaya" aka rubuta, da ya kai 3 ga Afrilu, domin wata ana bin kwanan watan da ya yi daidai ne a watan gaba, ba a mayar da shi kwana 30. Idan watan gaba ba shi da wannan kwanan, sai a tsaya a ranarsa ta ƙarshe, shi ya sa wata ɗaya daga 31 ga Janairu 2025 yake ƙarewa 28 ga Fabrairu. In kuwa "ranakun aiki 30" aka ce, Litinin zuwa Juma'a, idan babu ranar hutu a tsakani, to sai Litinin 14 ga Afrilu.

Ranar ƙarshe idan ta faɗo a hutu, a nan dokoki suka rabu. Da an miƙa sanarwar ranar Alhamis 6 ga Maris, kwana na 30 zai zama Asabar 5 ga Afrilu. Ƙa'idojin Turai da na Amurka za su matsar da wa'adin zuwa Litinin 7 ga wata. Dokar Fassara ta Nijeriya kuwa Lahadi da ranakun hutun gwamnati kaɗai ta kira hutu, Asabar ba ta ciki. Wannan wuri ne da ya kamata a yi hattara sosai, tun da yarjejeniya tsakanin mutane biyu ba lallai ne waɗannan dokoki su hau kanta ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin "kafin 30 ga Yuni" da "kada ya wuce 30 ga Yuni". Na farko ya fitar da ranar 30, na biyu ya shigar da ita. "Zuwa 30 ga Yuni" yana ɗaukar fassara biyu, gara a guje masa ko a ƙara "har da ita ranar". Wa'adin da ake ƙirgawa baya, kamar "aƙalla kwana 14 kafin taro", galibi ana fahimtarsa da cikakkun kwanaki, wato ba a ƙirga ranar sanarwa ko ranar taron. Taron 20 ga wata ke nan sai an sanar da shi ranar 5 ko kafin nan.

Mai rubuta takarda yana iya toshe duk waɗannan ƙofofi a jimla biyu: "Za a biya cikin kwana 30 na kalanda daga ranar da aka karɓi sanarwa, ban da ita ranar karɓar. Idan ranar ƙarshe ta faɗo Asabar, Lahadi ko ranar hutun gwamnati, wa'adin zai cika da ƙarfe 5 na yamma a ranar aiki ta gaba." Lura cewa "karɓa" aka rubuta, domin ranar aikawa da ranar isowa sukan bambanta. Idan ɓangarorin suna ƙasashe daban, sai a faɗi agogon wace ƙasa da hutun wace ƙasa ake nufi. Inda kuma an riga an san ranar farawa, abin da ya fi shi ne a rubuta ranar ƙarshe kai tsaye, da sunan watan a haruffa, don 3/4/2025 wasu 3 ga Afrilu za su karanta, wasu 4 ga Maris.