Sunan cikin gida na ayyukan kamfani

Sunan cikin gida, ko sunan sirri, laƙabi ne da ma'aikatan kamfani ke kiran wani aiki da shi tun yana kan hanya, kafin a raɗa masa sunan da zai shiga kasuwa. Injiniyoyi ne galibi ke zaɓensa, don su samu abin rubutawa a takardu da fayiloli ba tare da na waje sun gane me ake ƙerawa ba. Sunan kasuwa kuwa sai ya bi ta hannun masu talla da lauyoyi: a tabbatar babu mai rajistarsa, kuma ba ya da mummunar ma'ana a wani harshe. Wannan bincike na ɗaukar lokaci, aiki kuma ba zai tsaya jiransa ba.

Shi ya sa ake fara aiki da sunan cikin gida, kuma ana yawan aron sunayen wurare. Microsoft ya kira Windows 95 da Chicago. Windows XP na 2001 ya fara da Whistler, sunan wani wurin wasan ƙanƙara a Kanada, Windows Vista kuma da Longhorn, wata mashaya da ke wannan wurin.

Sai dai sunan cikin gida ba ya ɓacewa ranar da aka sanar da na kasuwa, domin ya riga ya shiga lambobin kaya. Nintendo ya daɗe yana kiran wata na'urar wasansa Revolution, sai a Afrilun 2006 ya ce sunanta Wii. Duk da haka, wanda ya duba lambar samfurin da ke jikin ta farko zai ga RVL-001, inda RVL ke nufin Revolution. Haka GameCube, wadda aka sani da Dolphin a cikin gida, take ɗauke da DOL-001. Masu gyara kan duba irin waɗannan lambobi don kada su sayo kayan da bai dace ba.

Inda ake samun matsala shi ne idan an ari sunan mutum mai rai, sannan zance ya fita. Injiniyoyin Apple sun laƙaba wa kwamfutar Power Macintosh 7100 sunan masanin taurari Carl Sagan. Da labarin ya kai ga 'yan jarida, Sagan ya nuna rashin amincewa, don kada a ɗauka ya sa wa hajar albarka. Maimakon a bar kaza cikin gashinta, sai injiniyoyin suka mayar da sunan BHA, taƙaitawar wata baƙar magana da ke kiransa wawan masanin taurari. Ya kai ƙara a 1994, alƙali ya yi watsi da zargin ɓata suna, daga baya aka sasanta a 1995, Apple ya ba da haƙuri.

Wani lokacin kuma laƙabin kan yi farin jini har ya fito fili. Jaguar sunan cikin gida ne, amma da shi Apple ya tallata manhajar sarrafa kwamfutocinsa, Mac OS X 10.2, a 2002.