Nazarin harshe ta hanyar rumbun rubutu

Nazarin harshe ta hanyar rumbun rubutu reshe ne na ilimin harsuna da ke tara rubuce-rubuce da maganganun da mutane suka yi a zahiri, a adana su a kwamfuta, sannan a ƙirga kalmomi domin a gano yadda ake amfani da su. Idan aka yi saɓani kan wata kalma, maimakon a dogara da kunnen masani ɗaya, sai a koma rumbun a duba.

Rumbun farko da ya shahara shi ne na Jami'ar Brown da ke Amurka, wanda Nelson Francis da Henry Kučera suka haɗa daga rubuce-rubucen Ingilishi da aka buga a Amurka a 1961. Sun tsinto gutsure 500, kowanne mai kalmomi kusan 2,000, daga jaridu da littattafan addini da na kimiyya da ƙagaggun labarai, jimilla kalmomi kimanin miliyan ɗaya. Daga baya aka gina wani a kan wannan tsari da rubutun Birtaniya na shekarar, sannan Jami'ar Freiburg ta Jamus ta maimaita ayyukan biyu da rubutun 1991 da 1992.

Daidaiton tsarin ne ya ba da damar kwatance. Masanin harshe Geoffrey Leech ya ƙirga kalmar "must", wadda ke nuna tilas, ya tarar ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a rubutun Birtaniya cikin shekara talatin, a na Amurka ma ta ɗan fi haka, yayin da "need to", wadda ke nuna buƙata, ta ƙaru sosai. Da girman rumbunan ya bambanta, da sai an fara mayar da kowane adadi zuwa sau nawa kalmar ke fitowa a cikin kalmomi miliyan ɗaya. Da kuma ɗaya ya cika da dokoki ɗayan da labaran wasanni, to bambancin nau'in rubutu aka auna, ba canjin harshe ba.

Ƙirga kaɗai ba ta kashe magana. Ita "must" ɗin tana iya nuna umarni, tana kuma iya nuna kyautata zato, kwamfuta kuwa duk ɗaya take lissafa su, don haka dole manazarci ya jero jimlolin ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. A Hausa matsalar ta fi fitowa fili: yawancin masu rubutu a intanet ba sa sanya lanƙwasa, sai "ƙasa" da "kasa" su cakuɗe, ita kanta "ƙasa" kuma tana iya zama ƙasar haihuwa ko kishiyar sama, tunda ba a rubuta karin sauti da tsawon wasali.

Rashin ganin kalma a rumbu ba hujja ba ce cewa babu ita. A rumbun Brown, kusan rabin kalmomin daban-daban da ke ciki sau ɗaya tak suka fito, shi ya sa Rumbun Ƙasa na Birtaniya, da aka kammala a 1994, ya kai kalmomi miliyan 100, kashi goma cikin ɗari daga maganar baka.