"Samar da makamashi": abin da inji yake yi a zagaye ɗaya

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kalmar makamashi ta cika rediyo. Wannan ya ce zai "samar da makamashi", wancan yana tallar janareta da ba ya shan mai. Kalmar samarwar ce ke damuna, domin inji bai taɓa ƙirƙirar makamashi ba. Zafi yake karɓa, ya mayar da wani kaso aiki, ya zubar da sauran.

Dokar farko ta ilimin zafi da aiki ana rubuta ta ΔU = Q − W. Q zafin da ya shiga iskar da ke cikin silinda ne, W aikin da iskar ta yi wajen tura fistin, ΔU kuma canjin makamashin da ke cikin iskar. Idan iskar ta zaga ta dawo daidai matsi da girman da ta fara da su, ΔU sifiri ne. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa, su ce ai aikin ma sifiri ne tunda an dawo gida. Ba haka ba ne. U ne kawai bai damu da hanyar da aka bi ba; aiki da zafi kuwa hanyar ce ke yanke su. Abin da dokar ta ce shi ne ragowar aiki, wato aikin da iskar ta yi bayan an cire wanda aka yi mata, daidai yake da zafin da ya shiga, a cire wanda ya fita.

A ja zane, matsi P a tsaye, girma V a kwance. Iskar hiliyom ce, wadda U = 1.5PV. Ta fara da matsin kilofaskal 100 a girman lita 1. Aka dafa ta fistin na kulle har matsi ya kai 300. Babu aiki a nan, don komai ƙarfin matsi, in fistin bai motsa ba ba a yi aiki ba. Sai aka sake shi ana ci gaba da dafawa, iskar ta buɗe zuwa lita 3 matsi na nan a 300. Aikinta shi ne matsi sau ƙarin girma, 300 sau 2, wato jul 600, jul kuwa shi ne ma'aunin aiki da makamashi. Kilofaskal sau lita jul yake bayarwa kai tsaye, amma wanda ya sa faskal tare da lita zai ga amsarsa ta ninka sau dubu. Aka sanyaya ta fistin na kulle matsi ya sauko 100, sannan aka danne ta matsi na nan a 100 ta koma lita 1. Dannewar ta ci jul 200. Ragowa jul 400, kuma shi ne faɗin filin da zanen ya kewaye: tazarar matsi 200 sau tazarar girma 2.

Ribar ta fito ne daga buɗewa da babban matsi da dannewa da ƙarami. Shi ya sa zagayen da ya bi hannun agogo inji ne, wanda ya saɓa masa kuma firji ne, aikin ake ba shi. In amsa ta fito da alamar ragi, a duba alkiblar zagayen tukuna, sannan a duba littafin, don littattafan kimiyyar sinadarai da dama suna rubuta ΔU = Q + W, inda W aikin da aka yi wa iskar ne.

Yanzu a bi sawun zafin. Dafawar farko ta ɗaga U daga jul 150 zuwa 450, ta sha 300. Lokacin buɗewa U ya tashi zuwa 1350, ƙarin 900 ke nan, ga kuma aikin 600, jimla 1500. An zuba 1800. Sanyayawa ta fitar da 900, dannewa ta fitar da 500, an zubar da 1400. Bambancin 400 ne, daidai da faɗin filin, kuma in biyun ba su haɗu ba akwai kuskure a wani mataki. Kashi 22 cikin ɗari kacal ya zama aiki.

Zanen injin gaske ba murabba'i ba ne, lanƙwasasshe ne, amma lissafin ɗaya ne. A 1796 John Southern, ma'aikacin James Watt, ya haɗa na'urar da fensir ke zana wannan kewaye a takarda yayin da injin tururi ke aiki, a auna faɗinsa a san ƙarfin injin. Janaretan fetur mai bugu huɗu da ke juyi 3000 a minti yana kammala zagaye 25 a daƙiƙa, tunda kowane zagaye juyi biyu ne. Da kowanne zai ba da jul 400, da kilowat 10 ke nan kafin gogayya ta ci rabonta. Mai tallar janareta da ba ya shan mai, cewa yake zanensa yana da fili alhali Q sifiri ne. A buɗe akwatin, galibi batir ne a ciki, kuma zai sauka.