Jawabin godiya a ƙarshen taron bita

Jawabin godiya shi ne ɗan gajeren bayanin da ake yi bayan an raba takardun shaida, kafin addu'ar rufe taro. Galibi ɗaya daga cikin mahalarta ake ɗora wa, ya yi magana da yawun sauran, wani lokacin kuma ɗan kwamitin shirye-shirye ne. Minti biyu zuwa uku sun ishe shi, domin a lokacin jama'a sun gaji, la'asar ta kawo jiki, masu nisan gida kuma hankalinsu ya koma tasha.

Wurin jero sunaye ne ake yin tuntuɓe. Mai jawabi ya ɗauko takardar tsarin taro ya shiga karanto kowa da muƙaminsa, alhali an riga an yi wannan tun ranar buɗewa. Da zarar ka ji an fara ja da kujeru ana zuge jaka, to jawabi ya zama kiran rajista. Kuma duk tsawon jerin sai an manta wani, shi ne kuwa zai tafi da abin a ransa.

Mu ɗauki bitar kwana uku ta malaman firamare kan koyar da karatu da Hausa, mai mahalarta arba'in da malaman bita uku. Masu shiryawa a gode musu da sunan hukumarsu, a ambaci shugabanta shi kaɗai a madadin ma'aikatansa, sai a faɗi abu ɗaya da kowa ya gani da idonsa: an fara kan lokaci, littattafai sun ishi kowa.

Malaman bita su ne suka cancanci a kira sunansu, kowanne a haɗa shi da abin da ya koyar. Maimakon a ce sun yi namijin ƙoƙari, a ce, "Malama Wance, mun gode da kika sa mu rera sautin baƙaƙe kamar 'yan aji ɗaya, har muka gane inda yara ke rikita ɓ da b." Wannan jimla ɗaya ta fi kirari goma, don ta nuna an saurare ta. Sai dai in ka kira ɗaya, dole ka kira sauran biyun. In kuwa malaman sun kai takwas, a ganina gara a bi ta darussa, a bar sunaye.

Mahalarta a haɗe ake gode musu, ba a ware kowa: waɗanda suka yi sammako daga ƙauyuka, da masu goyo da suka jure zaman yini. Direbobi, masu girki da masu shara su ma jimla ɗaya ce tasu, kuma kada a tsallake ta. Daga nan sai a nemi afuwar wanda ba a ambata ba, a yi wa kowa fatan Allah ya kai shi gida lafiya, a miƙa wa mai addu'a lasifika.