Garin BCAA na 'yan ɗaga ƙarfe: me yake ƙara wa wanda abincinsa ya riga ya isa?

Ɗan ƙanwata tela ne a nan Katsina, shekarunsa 24. Kusan wata takwas ke nan da ya fara zuwa wajen ɗaga ƙarfe da asuba kafin ya buɗe shago. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya biyo ni gida da wata baƙar roba mai murfi, ya ajiye a gabana ya ce, "Kawu, tunda aikinka ne, duba min wannan. An ce idan ban sha ba, wahalar banza nake yi, jiki ba zai ginu ba."

Na buɗe. Gari ne shuɗi mai ƙamshin alewa, da ƙaramin ludayin awo a ciki. A jikin robar an rubuta BCAA da manyan baƙaƙe, sai 2:1:1 a ƙasa. Kuɗin da ya ce ya biya ya kai ya sayi ƙwai kiret-kiret, kuma wannan ita ce roba ta uku. Shekaruna da dama ina ba mutane shawara kan abinci a asibitin unguwa, kuma yanzu samari da yawa suna zuwa min da irin wannan tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gaya masa.

Furotin da ke cikin ƙwai, wake, nama ko nono, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Iri 20 ne jiki ke amfani da su wajen gina tsoka. Goma sha ɗaya jiki na iya haɗa su da kansa, amma tara dole sai daga abinci. Garin BCAA ya ɗauko uku ne kawai daga cikin taran nan: lusin, aisolusin da balin. Wancan 2:1:1 ɗin kuwa yana nufin lusin ya ninka kowanne daga cikin sauran biyun, wato a ludayi mai giram 5 akwai lusin giram biyu da rabi, sauran su raba abin da ya rage.

Masu sayarwa ba ƙarya zalla suke yi ba, kuma nan ne abin ke ruɗar mutane. Gaskiya ne lusin na da aiki na musamman: shi ne ke tada tsoka ta fara gini bayan an ci abinci. Amma tada magini daban, kawo masa kayan aiki daban. Zaren tsoka ba ya haɗuwa sai dukkan taran nan sun hallara. Idan ka sha uku kaɗai cikinka babu komai, sauran shidan jiki zai nemo su ne daga abin da ya riga ya mallaka, wato daga furotin ɗin jikinsa da yake warwarewa. Kamar maginin da aka taso da sassafe ba a kawo masa tubali ba, sai ya riƙa zare na katangar baya yana ɗora ɗakin gaba. Aiki na tafiya a ido, amma gidan bai ƙaru da wani abin kirki ba.

An gwada wannan. A shekarar 2017 wasu masu bincike a Birtaniya sun ba samari giram 5.6 na BCAA bayan ɗaga ƙarfe, wani lokacin kuma suka ba su abin sha marar furotin ko kaɗan. Ginin tsoka ya ƙaru da kimanin kashi 22 cikin ɗari a sa'o'in da suka biyo baya. Sai dai su kansu masu binciken sun nuna cewa wannan bai wuce kamar rabin abin da cikakken furotin na madara ke bayarwa ba. A lura da abin da aka kwatanta: garin BCAA da abin sha marar furotin. Ba garin da ƙwai ba, ba garin da wake ba. A wannan shekarar ce kuma Robert Wolfe, wanda ya daɗe yana nazarin yadda jiki ke sarrafa furotin, ya bi binciken da aka yi a kan mutane, ya kammala da cewa babu hujjar da ta nuna BCAA shi kaɗai yana gina tsoka yadda ake tallatawa.

Sai na ce wa yaron, "Ajiye robar tukuna, hau sikeli." Kilo 70. Mutumin da ba ya wani motsa jiki mai nauyi, giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a yini. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar fiye da haka. Wani babban nazari da ya fito a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya nuna cewa amfanin ƙarin furotin yana tsayawa ne a wajajen giram 1.6 a kowane kilo. Daga nan ko an ƙara, tsoka ba ta cika ƙaruwa ba. Saboda haka 70 sau 1.6, giram 112 ke nan a yini.

Na ɗauko biro na ce ya faɗa min abin da ya ci jiya, tun daga safe. Wajen mai shayi ya ci ƙwai uku da biredi. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, uku 18, biredin a ba shi 8. Da rana matar yayansa ta aiko masa da shinkafa da wake, kuma waken da yawa, na sa 23. Bayan la'asar fura da nono, kwano guda mai kauri, kamar 18, sannan ya sayi awara ta kai 12. Da dare tuwon dawa miyar kuka da tsokar nama uku, na sa 27. Ya tuna ya ɗan watsa gyaɗa cikin hannu guda a shago, 7. Duk wannan ƙiyasi ne, domin kwanon wani ya fi na wani, kuma nonon wata mai talla ya fi na wata ruwa. Amma da muka haɗa, 113 ya fito.

Ya dubi takardar ya ce, "To Kawu, wannan ai furotin ne, BCAA ɗin fa?"

Nan ne zancen yake. BCAA ba wani baƙon abu ba ne da ake samu a roba kawai, yana cikin kowane furotin da muke ci. A abinci na yau da kullum, kusan kashi ɗaya cikin shida na furotin BCAA ne, a nono da ƙwai ma ya fi haka. Ke nan a cikin giram 113 ɗinsa akwai wajen giram 19, kusan ludayi huɗu na garin da ya saya, kuma sun zo tare da sauran shidan da ake buƙata. Kowane cin abinci da ya yi ya riga ya tada maginin, ya kuma kawo masa tubali. Ƙarin ludayi ɗaya a kai, jiki ba shi da rumbun ajiye amino asid, ƙona shi zai yi ya samu kuzari kamar sauran abinci, ragowar ta bi fitsari. Ga wanda furotin ɗinsa ya isa, babu wani ƙarin tsoka ko ƙarfi da aka tabbatar garin nan na bayarwa.

Wanda ya fi damuna ma shi ne wanda abincinsa bai isa ba. Akwai abokinsa da suke zuwa tare, shayi da biredi da safe, taliya da manja da rana, tuwon masara da dare, da wuya ya kai rabin abin da yake buƙata, kuma shi ma ya matse aljihu ya sayi robar. Wannan yaron ya sayi abin da bai rasa ba. Dawa da masara, duk da furotin ɗinsu ba mai yawa ba ne, suna da wadatar lusin. Abin da hatsi ke ƙaranci shi ne wani daga cikin taran mai suna laisin, kuma babu ɗigonsa a garin BCAA. Laisin yana cikin wake, waken suya, nono, ƙwai, kifi da nama. Shi ya sa ɗanwake, alala, ƙosai da koko, ko fura da nono suka fi masa amfani nesa ba kusa ba. Kiret ɗaya na ƙwai 30 ya kai giram 180 na cikakken furotin. Mudun wake ya fi haka da nisa, don busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne.

Ɗan ƙanwar tawa ya ce shi dai yana jin ciwon jiki ya ragu tun da ya fara sha. Ban ƙaryata shi ba. Wasu gwaje-gwaje sun nuna ɗan sauƙin tsamin jiki kwana ɗaya zuwa biyu bayan atisaye, sai dai sauƙin kaɗan ne, kuma galibi an kwatanta garin ne da abin sha marar furotin. Ban da haka, tsamin jiki yana raguwa da kansa idan jiki ya saba da atisaye, kuma wanda ke kaɗa garin a gorar ruwa yana shan ruwa fiye da da, a garin da zafi ke gasa mu. Na ce masa hanyar ganewa mai sauƙi ce: ya bar garin na sati takwas, ya ci gaba da abincinsa, ya samu ɗan littafi yana rubuta nauyin ƙarfen da ya ɗaga da sau nawa ya ɗaga, ya kuma hau sikeli sau ɗaya a sati da safe. Idan lambobin na ci gaba da hawa, ya samu amsarsa. Idan suka tsaya, a fara duba barci da yawan abinci, domin tela a lokacin ɗinkin sallah ba ya samun ko ɗaya.

Akwai inda likitoci ke amfani da BCAA, musamman ga wasu masu ciwon hanta da ya yi tsanani har yana taɓa hankali, amma wannan magani ne da ake bayarwa da awo a asibiti. Mai ciwon ƙoda ko hanta, mai ciwon suga, da mai juna biyu, kada su sha irin wannan gari, ko su ƙara furotin da yawa, sai sun ga likita. Wanda kuma ya nace sai ya saya, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya guji wanda ake ɗurawa a leda ba suna. Idan matsalar ita ce rashin lokacin cin abinci, cikakken garin furotin na madara ya fi ma'ana, ludayinsa ɗaya na ba da giram 20 zuwa 25, kuma BCAA wajen giram 5 na ciki.

Ya tambaye ni ko ya zubar da sauran. Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau, ya ƙarasa shanye abin da ya biya, amma kada ya sayi ta huɗu. Na ce ya turo min abokin nan nasa ranar Litinin, ya zo da lissafin abin da ya ci na kwana uku.