Me ake nufi da gyara mai bayani?

Gyara mai bayani shi ne malami ya nuna wa ɗalibi kuskurensa, ya kuma gaya masa ƙa'idar da ya karya, yadda gobe zai iya kama irin kuskuren da kansa a jimlar da malamin bai taɓa gani ba. Kishiyarsa shi ne abin da muka saba gani a littafin aiki: a ja layi da jan biro, a rubuta daidai a sama, a wuce. Ɗalibi ya kwafe, ya ci maki, mako mai zuwa ya maimaita.

Mu ɗauki ɗalibin da ke koyon rubutun Hausa, ya rubuta: "Rigar sa sabuwa ne, shine ya saya." Gyaran ba wuya: "Rigarsa sabuwa ce, shi ne ya saya." Amma kurakurai uku ne a nan, kuma ba daga tushe ɗaya suka fito ba.

Na farko, "rigar sa". Wannan "sa" gajeriyar mallaka ce, ba ta tsayuwa da ƙafarta, don haka ake manna ta a jikin suna: rigarsa, gidanmu, kuɗinsu. Doguwar mallaka kuwa, wato tasa, namu, nasu, ita ake rubutawa daban, kamar a "rigar tasa". Malami na iya ba ɗalibin ma'auni mai sauƙi. In aka tambaye ka "ta wace ce?" ko "ta wane ne?", za ka iya amsawa da "tasa", amma ba ka iya cewa "sa" kawai ka yi shiru. Wadda ba ta iya zama amsa ita kaɗai, ita ake haɗewa.

Na biyu ya fi zurfi, don ba na rubutu ba ne, na nahawu ne. Dirka tana bin jinsin suna: "ce" ga mace, "ne" ga namiji da jam'i. Riga mace ce, shi ya sa "sabuwa ce". Da riguna ne, sai a ce "sababbi ne". A nan ne malamai da yawa ke yanke hanya, su ce duk sunan da ya ƙare da "a" mace ne. Galibi haka ne, amma gida, ruwa, nama da suna duk maza ne. Wanda aka ba ƙa'idar a guntule zai zo maka da "gida ce", kuma laifin ba nasa ba ne. Gara a nuna masa mahaɗi: muna cewa rigar Audu amma gidan Audu, to mai ɗaukar "r" shi ke tafiya da "ce". Ya kamata kuma malami ya lura da inda yaron ya taso. A wasu karuruwan harshe, kamar na Bauchi da Hausar Gana, bambancin jinsi ya yi rauni, "ne" na shiga kusan ko'ina. Irin wannan ɗalibi ba ganganci ya yi ba, abin da kunnensa ya saba ji ya rubuta. Sai a ce masa Daidaitacciyar Hausa ce ke bambantawa, ba a ce bai iya harshensa ba.

Na uku kuwa a taƙaice: dirka kalma ce mai zaman kanta, ana raba ta. Shi ne, ita ce, su ne.

Ta yaya za a san bayanin ya shiga? Ba ta tambayar "ka gane?" ba, don kowa zai gyaɗa kai. A ba shi sabuwar jimla: "Motar mu tsohuwa ne." In ya mayar da ita "Motarmu tsohuwa ce", ya kuma faɗi dalili da bakinsa, an samu kan abin.

Sai dai a saurari abin da ke biyo baya. Wanda ya koyi haɗe "kuɗinsu" yakan zarce ya rubuta "ya gansu", "ya bani". A ganina wannan kuskuren alama ce mai kyau, don ya nuna yana aiki da ƙa'ida, iyakarta ce bai sani ba. Sai a ƙara masa: bayan suna ake haɗewa, don mallaka ce, bayan aikatau kuwa wakilin suna ne da aiki ya faɗa wa, ana raba shi: ya gan su, ya ba ni.

Wannan hanya tana cin lokaci, kuma ba kowane kuskure ke buƙatarta ba. Wanda ya tsallake harafi don sauri, nuni ya ishe shi. Haka in shafi ɗaya na da kurakurai barkatai, bayyana su duka zai rikita yaro ne kawai. A zaɓi wanda ya fi maimaituwa, a yi bayaninsa sau ɗaya a gefen shafi, sauran wuraren da ya sake fitowa a ja musu layi a bar ɗalibin ya gyara da hannunsa.